Gyaɗa goma sha biyu

Asabar, da dare.

Yau ban leƙa gona ba. Tun hantsi ƙanwata ta tsare ni a zaure da takardar gwaji da ta samo wajen wata ƙawarta a Ringim. A saman takardar an rubuta cewa amsa daidai maki 1 ce, kuskure a cire rabin maki, wadda aka bari babu amsa kuma ba a ba ka, ba a cire maka. Kowace tambaya zaɓi huɗu.

"Yaya, to in ban sani ba in yi canki-canka ko in bari?"

Ta saba da JAMB, inda ba a rage maki don kuskure, shi ya sa hannunta ba ya iya tsallake tambaya. Na ɗebo gyaɗa cikin wadda Inna ke ɓarewa, na jera ƙwaya 12 a kan tabarma, na ce ga tambayoyin da ba ki san komai a kansu ba. In kin canka ido rufe, a yawancin lokaci ɗaya cikin huɗu za ki dace. Na ware 3 gefe, saura 9. Maki 3 kin samu, an zabtare 4 da rabi. Kin ci bashin maki 1 da rabi ke nan, gara wanda ya naɗe hannu.

Sai na ce a ƙaddara a kowace tambaya kin tabbata zaɓi ɗaya shirme ne, saura uku. Yanzu 4 za su dace, 8 su faɗi, rabin 8 kuma 4 ne. Ba riba ba asara. Da muka kore zaɓi biyu, ita da kanta ta raba gyaɗar shida-shida, ta ce 6 a cire 3, riba 3. Ta cinye ribar nan take.

Ashe duk maganar tana ga girman tarar. Da rubu'in maki ake cirewa, kuskure 9 zai ci 2 da rubu'i kawai, ko canki-canka tsagwaronta ta bar mata ɗan abu. A zaɓi huɗu, sulusin maki ne iyaka: tara ta haura shi, cankar makaho asara ce.

Abin da ya fi damuna shi ne "na tabbata" ɗinta. Na sa ta soke zaɓin da take ganin ba su ba ne a tambaya goma, muka duba amsa. A guda biyu amsar gaskiya ta soke, kuma a nan duk abin da ta zaɓa tara ce. Na kuma gaya mata 3 ɗin nan lissafin yawanci ne, ranar jarrabawa tana iya dacewa da 1 ko 6.

Inna ta leƙo ta ce a dawo mata da gyaɗarta. Bakwai muka mayar.