Cinikin da Nake Kora daga Bakin Ƙofa

Sana'ata auna ji ce da sayar da na'urar ƙara ji. Mu uku ne: ni, da yarinyar da ke karɓar baƙi da amsa waya, da yaron da ke gyaran na'urori. Galibin masu zuwa dattawa ne da jinsu ya shekara biyar ko goma yana raguwa kaɗan-kaɗan. Irin waɗannan babu gaggawa a kansu, sai mu zauna, a auna, a gwada na'ura, su je su yi shawara da 'ya'yansu. Amma akwai mutum ɗaya da idan ya shigo nake ajiye duk abin da ke hannuna, kuma ba na sayar masa da komai. Shi ne wanda zai ce min jiya lafiya lau ya kwanta, yau ya tashi kunne ɗaya ya ɗauke.

Da tsada na koyi wannan. A farkon buɗe wurin, wata baiwar Allah ta kira ta ce kunnenta na dama ya toshe kwana biyu ke nan. Layi ya yi mana yawa, muka ba ta rana bayan mako uku. Ita kuma ta samu uzuri ta ƙara wasu makonni, tana ta ɗiga maganin dattin kunne. Ranar da ta zo na leƙa kunnen, tas yake, babu datti ko ƙwaya. Awo ya nuna jin ya tafi daga can ciki. Likitan kunne ya gwada abin da zai iya, jin bai dawo ba. Ban san ko da ya dawo in da ta je da wuri ba, amma na san mu ne muka cinye mata kwanakin da maganin ya fi aiki.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne yadda ciwon ke zuwa. Babu zafi, babu ruwa, babu zazzaɓi. Sai dai a ji kamar an cusa auduga, sau da yawa da ƙara mai "shuuu" ko "tiii" da ba ta tsayawa, wani lokaci da jiri. Haka dattin kunne ke yi, haka mura ke yi, shi ya sa kowa ke cewa zai buɗe da kansa. Amma datti da mura hanyar sauti kawai suke tarewa. Wannan kuwa a kunnen ciki yake, a wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, inda ƙananan ƙwayoyi masu gashi ke mayar da sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Kuma a kusan tara cikin goma na masu wannan larura, ba a gano takamaiman dalili ko bayan an gama bincike.

Bari in ba da labarin wani tela da ya zo mana daga baya, mai shekara arba'in da 'yan kai. Ya ce:

"Malam, na'ura nake so ka ba ni. Shekaranjiya na ɗora waya a kunnen hagu, na zaci wayar ce ta lalace. Da na mayar dama sai na ji raɗau."

Na leƙa, dodon kunnen lafiya, hanya a buɗe. Na ce ya rufe baki ya yi "mmm" ya gaya min ta ina yake jin muryarsa. Ya ce ta dama. Nan gabana ya faɗi. Kowa zai iya gwada wannan yanzu: toshe kunne ɗaya da yatsa ka yi gunjin, za ka ji muryar ta koma kunnen da ka toshe. To idan toshewa ce kawai, wajen kunnen da ya toshe sautin ke tafiya. Idan ya gudu zuwa mai lafiya, alama ce matsalar ta ciki ce. Na buga ɗan ƙarfen gwaji mai baki biyu na ɗora masa a tsakiyar goshi, nan ma dama. Gwajin ba ya yanke hukunci, amma yana nuna inda aka dosa.

Muka shiga ɗakin awo. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma mai lafiyayyen kunne yana iya jin amo ko da ƙarfinsa bai wuce desibel 25 ba. Kunnensa na dama yana ji a 15. Na hagu sai da na kai 60, 70 da 65 a amo uku da ke jere da juna daga mai kauri zuwa siriri kafin ya ɗaga hannu. Na sake gwadawa ta ƙashin bayan kunne, wanda ke tsallake dodon kunne ya kai sauti ciki kai tsaye, sakamakon bai canja ba. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne faɗuwar desibel 30 ko fiye, a amo uku a jere, cikin awa 72. Shi ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Na ce masa ba na'ura yake buƙata ba, likitan kunne, hanci da maƙogwaro yake buƙata, kuma yau ɗin nan. Ya ce yana da ɗinkin da ya yi alkawari, ko zai bari sai mako mai zuwa? Na ce ɗinki zai jira shi, kunne ba zai jira ba. Na buga masa takardar awon, na rubuta ranar da abin ya fara da manyan baƙaƙe a sama, domin ita ce tambayar farko da za a yi masa.

Ni ba likita ba ne, ba na rubuta magani, amma na san abin da ake bayarwa. Sitiroyid ne, maganin rage kumburi, yawanci firedinisolon, miligiram ɗaya ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, ba a wuce 60, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, sannan a riƙa ragewa. An fi son a fara cikin mako biyu na farko, kuma gwamma a kwanakin farko. Idan bai yi ba, ko mutum yana da ciwon sukari da maganin zai iya tayar masa, akan yi allurar sitiroyid ɗin ta dodon kunne. Bayan kamar mako shida, fatan ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai dai maganin ba abin da mutum zai saya ya sha da kansa ba ne: yana taɓa sukari, hawan jini, barci da ciki. Likita kan kuma nemi hoton cikin kai na MRI, don a 'yan kaɗan akan tarar da ƙari a jijiyar ji. Idan kuwa ɗaukewar jin ta zo da karkacewar baki, nauyin harshe, ko mutuwar hannu, wannan ba nawa ba ne, ba na jira ba ne, sashen gaggawa ne nan take.

Akwai gaskiyar da ba na ɓoye wa kowa. Mutane da dama jinsu kan dawo da kansa ba tare da magani ba, wasu kuma sukan sha magani a kan lokaci bai dawo ba, musamman idan faɗuwar ta yi tsanani ko ta zo da jiri mai ƙarfi. Matsalar ita ce a rana ta biyu babu wanda zai iya gaya maka a wane rukuni kake. Kafin ka gane, lokacin ya wuce.

Telan ya dawo bayan mako uku. Inda yake 60, 70 da 65 ya koma 25, 30 da 35. Ƙarar ba ta tafi duka ba, ya ce da dare yake jinta in gari ya yi tsit. Ya tambaya ko yanzu zan sayar masa da na'urar. Na ce a'a, jin yana iya ci gaba da gyaruwa, ya dawo bayan wata shida mu sake aunawa.

Yanzu a gefen wayar wurinmu akwai takarda da tambayoyi biyu da yarinyar ke yi wa duk wanda ya kira ya ce kunne ya toshe: kunne ɗaya ne ko biyu, kuma yaushe ya fara? Idan ya ce ɗaya, kuma cikin 'yan kwanakin nan, ba ta ma buɗe littafin layi, sai ta miƙo min wayar ko da ina tsakiyar awo.