Fayil yana yin ƙaura, amma linki ba ya bin sa

Ina da ɗan shago a wajen Jekadafari nan Gombe, mu uku ne, ni da yara biyu, muna gyaran kwamfuta muna haɗa wa ofisoshi netwok da imel. Aikin da ya fi kawo mana kuɗi kuma ya fi hana ni barci shine kwashe wa mutane fayilolinsu daga wata ma'ajiya zuwa wata. Bara wani Alhaji mai kamfanin gine-gine ya kira ni, kayansu na shekara tara suna Google Drive, wajen giga 310, sun sayi lasisin Microsoft 365 suna so komai ya koma OneDrive. Ya ce "Injiniya sharaɗina biyu ne, folda ta zauna yadda take, linkin da muka tura wa mutane kuma kar ya mutu." Na ce ranka ya daɗe na farkon na ɗauka, na biyun kuwa sai mun zauna.

Dalili shine linki bai san sunan fayil ba, bai san foldar da yake ciki ba. Duba kowane linkin Drive za ka ga wasu haruffa da lambobi a cakuɗe bayan `/d/`, wannan ce lambar fayil ɗin kuma Google ne ya ba shi. Shi ya sa a cikin Drive ko ka canja masa suna ko ka kai shi wata folda linkin yana nan daram. Amma da ka kwafa shi zuwa OneDrive ya zama sabon abu da sabuwar lamba, tsohon linkin yana can yana nuna tsohon waje, ranar da ka goge na can shikenan ya mutu. Duk wanda ya ce maka zai ɗauke linki daga wannan kamfani ya kai wancan, kuɗinka kawai yake so.

Don haka kafin in taɓa komai nakan fara fitar da rajista, lambar kowane fayil da inda yake zaune. Da rclone nake aiki, manhajar kwashe fayiloli tsakanin ma'ajiyoyi, kyauta ce, `gdrive:` sunan da na ba Drive ɗinsu ne a cikinta, `od:` kuma na OneDrive:

```
rclone lsf gdrive: -R --files-only --format "ip" --csv > tsoho.csv
```

Wannan takardar ita ce za ta cece ka wata shida nan gaba, lokacin da wani zai turo maka tsohon linki a WhatsApp yana tambaya ina wannan ya shiga. Ka ɗauki lambar ka nema a rajista, ga sunan folda ga sunan fayil.

Kwafin kansa ban yi shi a shago ba. Kayan sai sun sauko kan na'urar da ke aikin sannan su hau ɗaya gefen, wato giga 310 sau biyu, da datar da muke saya da wutar da muke gani a nan ai sai mu kai wata guda ana tayar da janareta. Saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet, na yi haya ta kwana kaɗan, ta can kayan suka bi, ni wayata kawai nake leƙawa.

```
rclone copy gdrive: od:Kamfani --create-empty-src-dirs -v --log-file kaura.log
```

Kalmar `copy` nake sawa, ba `move` ba kuma ba `sync` ba, saboda `copy` ba ya goge komai a kowane gefe. Wancan dogon abin na tsakiya kuma shi ke sa folda ko babu komai a cikinta ta biyo, in ka manta shi sai akawun kamfani ya buɗe ya ga foldar da ya ware wa rasitan wata mai zuwa ta ɓace ya ce ka cinye masa aiki.

To a nan na yi ɓarna, kuma laifina ne. Drive yana yarda fayil biyu su zauna a folda ɗaya da suna iri ɗaya sak, OneDrive ba ya yarda. A foldar wata kwangilar gyaran azuzuwa akwai `BOQ final.xlsx` har guda uku, kowanne da lissafinsa daban, ɗaya kawai ya haye. Kuma rclone ya faɗa, ya rubuta `Duplicate object found in source - ignoring` a cikin rahoton, ni ne ban karanta ba na ga aiki ya ƙare na tafi masallaci da murna. Bayan kwana biyu mai lissafinsu ya bugo ya ce "Malam wannan ba shi muka kai ma'aikata ba fa." Allah ya taimake ni ban goge tsohon ba. Yanzu tun kafin kwafi nake sa wannan:

```
rclone dedupe --dedupe-mode rename gdrive:
```

Zai ƙara wa masu suna ɗaya lamba a ƙarshe, kuma tunda canja suna ba ya canja lambar fayil, tsofaffin linkinsu ba abin da ya same su, sai dai in abin da ke cikinsu ma iri ɗaya ne sak, ɗaya zai bari ya goge sauran, foldoji masu suna ɗaya kuma ya haɗe su, linkin waɗanda ya goge ya mutu.

Sauran abin da ke karya folda tsawo ne. OneDrive ba ya karɓar hanyar da ta wuce harafi 400 in ka haɗa sunayen foldoji da na fayil, su kuwa mutanenmu folda cikin folda cikin folda, kowacce da cikakken sunan kwangila har da ƙaramar hukuma. Guda goma sha wani abu suka ƙi hawa, muka zauna da sakataren muka gajarta sunan uwar foldar, sai duk suka wuce. Fayilolin Google Docs da Sheets kuma fitowa suke a matsayin Word da Excel, wanda ke jawo lissafi daga wata takarda da `IMPORTRANGE` Excel bai san wannan ba, sai an sake ɗaura shi da hannu. Sai in bi da `rclone check` don in tabbatar komai ya haye daidai, in haɗa da `--download` saboda ma'ajiyoyin biyu ba hatimi iri ɗaya suke yi wa fayil ba, in ba ka sa shi ba girma kawai zai gwada.

Dawo kan linki. Na ce wa Alhaji kar mu yaudari kanmu, cikin dubban fayilolin nan nawa ne mutanen waje ke buɗewa har yanzu? Muka tattara daga imel da WhatsApp da takardun da suka buga, suka fito 43. Izinin wa zai gani wa zai gyara ma ba ya biyo kwafi, sai da muka sake ba kowa a OneDrive ɗaya bayan ɗaya, muka tura musu sabon linki. Mai wahalar shine bayanin kamfani da suka sa a QR a jikin katinsu da allon bakin ofis, ba ka da lambar wayar wanda zai haska shi balle ka tura masa sabo. Shi barinsa muka yi a Drive, in sun sabunta PDF ɗin sai su shiga `Manage versions` su ɗora sabon a kan tsohon, lamba ba ta canjawa. Wasu guda shida haka muka yi musu, sai dai abin da muka ɗora takarda ce mai shafi ɗaya da ke cewa an koma nan, ga sabon adireshi.

Alhaji ya so rufe tsohon akawun ɗin a ƙarshen watan don kar ya biya biyu, na roƙe shi ya bari wata shida, muka mayar da kowa mai kallo kawai don kar wani ya ci gaba da aiki a can kaya su rabu gida biyu. Ya ce "Kai dai Injiniya kana son kashe min kuɗi." A wata na huɗu wani ofishi ya nemi zanen wani gini da tsohon linkin da ba ya cikin 43 ɗin nan, sakatare ya buɗe `tsoho.csv` ya nemo shi cikin minti biyu ya tura musu sabo. Katin da za su sake bugawa kuma na ce QR ɗin ya nuna adireshin shafin kamfanin kansu, daga can a juya mutum zuwa duk inda fayil ɗin yake a lokacin.