Yadda na rubuta takardar ajiye aiki da zan koma karatu

Lokacin da sunana ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello don yin digirin aikin jinya, ina aiki a wani asibitin kuɗi a Sabon Garin Zariya. Ma'aikatan gwamnati suna iya neman hutun ƙaro karatu, amma mu a wajenmu babu wannan tsarin, kuma ba zai yiwu in haɗa aikin dare da lacca ba. Ajiye aikin ya zama dole.

Kafin in rubuta komai sai da na lalubo takardar da aka ɗauke ni aiki da ita, domin a nan wa'adin notis yake. Tawa ta ce wata ɗaya, ko kuma in biya albashin wata ɗaya a madadinsa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya tana da nata ma'aunin: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya daga shekara 5 zuwa sama. Amma wannan mafi ƙaranci ne. Idan kin sa hannu a kan wata ɗaya ko wata 3, shi za a riƙe ki da shi. Wadda kuma asibiti ya taɓa ɗaukar nauyin karatunta, ta duba ko akwai sauran shekarun da ta yi alkawarin yi musu aiki.

Na fara samun shugabar nas-nas ɗinmu a ofishinta, don bai dace babba ta fara jin labarin tafiyarki a takarda ba. Na ce, "Hajiya, Allah ya sa na samu karatu, ina so in ba da notis." Ta yi mini murna, sannan ta jawo jadawalin aiki ta ce, "To 'yata, yaushe ne ranar ƙarshe? Ita nake so, don in san wa zan sa a dare."

Abin da takardar ya kamata ta amsa ke nan. Mutane da yawa suna rubuta "na ba da notis na wata ɗaya" su tsaya, sai a bar ofis da lissafi. Daga yaushe? Ranar da aka rubuta, ko ranar da aka karɓa? Ni ranar Litinin 3 ga Maris na rubuta, a ranar na miƙa. Ba a ƙirga ranar da aka ba da notis, saboda haka lissafi ya fara 4 ga Maris ya ƙare 3 ga Afrilu. Da Turanci aka rubuta, an aika wa shugaban asibiti ta hannun shugabar nas-nas, amma ga abin da ta ƙunsa:

"Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a wannan asibiti, saboda na samu gurbin ƙaro karatu. Kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada, ina ba da notis na wata ɗaya, daga 4 ga Maris. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce 3 ga Afrilu. Zan ci gaba da bin jadawalin aiki har zuwa ranar, kuma zan miƙa duk abin da ke hannuna ga wadda kuka zaɓa. Na gode da damar da kuka ba ni da abin da na koya a nan."

Sai suna, muƙami, lambar ma'aikaci da sa hannu. Ban sa ƙorafi ko ɗaya ba, ko da yake ina da su. Takardar nan fayil za ta shiga, kuma gobe wajen mutanen nan zan dawo neman takardar shaidar aiki.

Kwafi biyu na kai. Sakatare ya buga hatimi a kan nawa, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. Kada ki yarda da "ajiye nan, zan ba shi". In takarda ta yi mako a cikin durowa, za a iya cewa notis ɗinki bai cika ba, a zaftare albashin ƙarshe, ba ki da abin nunawa.

Sauran hutun shekarata kuwa ban cire shi daga wa'adin da kaina ba. Na nema a takarda daban, aka ce a'a saboda ƙarancin hannu, na haƙura. A makon ƙarshe muka ƙirga magungunan da ke kulle a kabad ni da wadda ta gaje ni, muka daidaita su da abin da ke littafi, kowa ta sa hannu. Na mayar da makullai da katin shaida, sannan akanta ya sa hannu a takardar sallamata.