Yadda muka haɗa ruwan teku a Katsina muka ga wuri yana narkewa

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare a cikin Katsina, kuma duk shekarar da muka iso darasin ruwan teku, tambaya ɗaya ce ɗalibai ke yi mini: idan ma'aunin pH na teku ya kai 8.1, wato ya ɗara 7, alhali sai ƙasa da 7 ake kiran ruwa mai tsami, ta yaya za a ce tsami yana cin ɓawon halittun da ke cikinsa? Tambaya ce mai ma'ana, kuma bayanin allo bai taɓa gamsar da su ba. Tsakaninmu da gaɓar teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota, don haka na yanke shawara mu haɗa namu ruwan a ɗakin gwaji.

Abu na farko da ya kamata a sani, ruwan gishiri kawai ba ruwan teku ba ne. A cikin lita ɗaya na tataccen ruwa mun zuba gishiri giram 25, gishirin magniziyam iri biyu (MgSO₄·7H₂O giram 7 da MgCl₂·6H₂O giram 5), sai CaCl₂·2H₂O giram 1.5 don samun kalsiyam, sannan daga ƙarshe bakin-soda, wato NaHCO₃, giram 0.2 kacal. Wannan ɗan ƙanƙanin na ƙarshe shi ne zuciyar aikin. Muka jona ƙaramin famfon iska irin na masu kiwon kifi, muka saƙa bututunsa ta taga don ya jawo iskar waje, domin iskar ajin da ke cike da mutane ta fi yawan kabon dayoksaid. Da gari ya waye na'urar pH ta tsaya tsakanin 8.1 da 8.2.

Muka ɗebi ruwan a kofin gilas, muka ɗiga masa ruwan gwajin nan da ake kira buromotaimol, ya yi shuɗi tas. A gefensa muka ajiye kofi na biyu mai gishiri zalla, wanda tun kafin a taɓa shi ma pH ɗinsa bai kai 6 ba. Wata ɗaliba ta ɗauki tsinken shan lemo ta fara hura numfashinta a cikin ruwan tekun. Da fari kamar ba abin da ke faruwa. Can sai shuɗin ya fara sirkawa, ya koma kore, ya ƙare a kore mai ɗaukar rawaya, lambar na'ura tana sauka sannu a hankali har ta tsaya wajen 6.3. Na gishiri zalla kuwa, hurawa kaɗan ya faɗa ƙasa da 5.

Ga abin da ya faru a cikin kofin. Iskar da muke fitarwa tana ɗauke da kabon dayoksaid kusan kashi 4 cikin 100, kimanin ninki 100 na abin da ke cikin iskar waje. Idan ta narke a ruwa tana sakin haidirojin, shi ne abin da pH ke aunawa:

```
CO₂ + H₂O ⇌ H⁺ + HCO₃⁻
H⁺ + CO₃²⁻ ⇌ HCO₃⁻
```

Layi na biyu shi ne wanda ɗalibai ke tsallakewa, alhali nan maganar take. A ruwan teku kabon da ya narke kashi uku ne: kusan 90 cikin 100 bayikabonet ne, kusan 9 kabonet, ragowar da ba ta kai 1 ba ita ce iskar kanta. Duk haidirojin da ya fito, kabonet ne ke cafke mafi yawansa ya rikiɗe ya zama bayikabonet. Shi ya sa ruwan tekun ya yi ta turjiya kafin ya sauka, na gishiri zalla kuwa ba shi da mai tare masa. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miya don ta kashe tsamin tumatir ta san wannan aiki, kanwar tana kashe tsamin ne ita ma tana ƙarewa. Farashin da teku ke biya ke nan: pH ya ɗan motsa kaɗan, amma kabonet ya ragu da yawa.

To, da wannan kabonet ɗin ne da kalsiyam kawa da murjani da dodon koɗin teku ke gina gidajensu, wato CaCO₃. Masana suna auna ko ruwa zai riƙe ɓawo ko zai cinye shi da wata lamba da ake kira omega:

```
Ω = [Ca²⁺] × [CO₃²⁻] / Ksp
```

Idan ta wuce 1, ruwan ya ƙoshi, ɓawo zai zauna lafiya. Idan ta gaza 1, ruwan zai fara ɗebe kalsiyam da kabonet daga jikin ɓawon. Mun yi lissafin a allo da adadin ruwan teku mai ɗumi, a digiri 25. Kalsiyam kusan mol 0.0103 ne a kowane kilo, kuma ba ya canzawa sosai. Kabonet kusan mol 0.0002. Ksp, wato lambar da ke nuna iyakar narkewar sinadari a ruwa, na aragonait, nau'in CaCO₃ da ɓawon wuri yake da shi, kusan 6.5 × 10⁻⁷. Aka ninka aka raba, omega ta fito 3 da ɗoriya. Sai na ce su juya lissafin, su nemo yawan kabonet da zai mai da ita 1. Suka samu mol 0.000063, kuma a irin ruwanmu ana kaiwa nan ne idan pH ya sauka wajen 7.4 zuwa 7.5. Wani yaro da ke zaune a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ke nan tun bai kai 7 ba ya fara ci?" Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma a ruwa mai sanyi ma tun kafin haka, domin kabon dayoksaid ya fi narkewa a sanyi, kabonet ya fi ƙaranci a can.

Saura mu gani da ido. Na sayo wuri a kasuwa wajen masu kayan koli. Na zaɓe shi ne saboda ɗan teku ne na asali, irinsa aka riƙa kwasowa daga tsibiran Maldives a Tekun Indiya har ya zama kuɗin ciniki a kasuwannin Katsina da Kano. Muka haɗa da ɓawon ƙwai, wanda shi kalsait ne, bayan mun saɓule farar fatar nan ta ciki. Sinadarinsu ɗaya, tsarin ginin ƙwayoyinsu ne ya bambanta, kuma aragonait ya fi kalsait saurin narkewa, Ksp nasa ya ninka na kalsait kusan sau ɗaya da rabi.

Kafin a zuba komai sai da muka lissafa abin da za mu sa rai da shi, kuma ina ba duk malamin da zai yi wannan aiki shawarar ya fara da nan. Lita ɗaya da aka hura har ta ƙoshi tana riƙe da kusan milimol 1 na iskar, kuma narkewar tana bin wannan hanya:

```
CaCO₃ + CO₂ + H₂O → Ca²⁺ + 2HCO₃⁻
```

Milimol 1 na CaCO₃ giram 0.1 ne. Ko an bar shi har ya gaji, abin da zai narke a kwalbar da aka toshe ba zai kai haka ba, wajen giram 0.08 ne. Sikelin da ke auna giram 0.1 ba zai taɓa ganin wannan ba, wanda ya dogara da shi zai tashi yana cewa gwajin bai yi ba. Ga kuma ruɗin gishiri: ɓawon da aka tsamo aka shanya ba a ɗauraye shi da tataccen ruwa ba yana iya fin nauyinsa na farko.

Don haka muka bar sikeli muka koma ga na'urar pH. Muka daka wuri a turmin ɗakin gwaji har ya zama gari, muka cika kwalabe biyu da hurarren ruwa har baki, ba a bar wa iska wuri ba. Ɗaya muka zuba mata garin giram 1, ɗayar muka bar ta haka nan, aka toshe su gam, ana girgiza su lokaci zuwa lokaci. Wadda ba gari ta tsaya kusa da inda take. Mai garin kuwa ta hau zuwa wajen 7, launinta ya juya daga kore mai rawaya zuwa kore mai duhu. Babu ta inda iskar za ta fita, saboda haka garin ne ya cinye ta yana narkewa. Kwalbar da ba gari ita ce shaidar, domin idan aka bar hurarren ruwa a buɗe, iskar tana ficewa da kanta, pH ya koma 8 ko da ɓawo ko babu.

Cikakken wurin kuma muka sa shi a wata kwalba muna sabunta masa hurarren ruwa kullum. Wuri yana da ƙyalli kamar tangaran. Sannu a hankali na cikin hurarren ruwan ya dusashe, bayansa ya yi fari-fari, idan ka shafa da yatsa ka ji ɗan kaushi, ɗan'uwansa da ke cikin ruwan 8.1 yana nan da santsinsa. Bai huje ba, bai ruguje ba, ƙyallin ne kawai ya tafi.

Ban yarda da gwajin nan da ake jefa ƙwai cikin binega a ce wa yara ga abin da ke faruwa a teku ba. Binega tana ƙasa da pH 3, kumfa ce ke tashi nan take, kuma yaro zai tafi da tunanin teku na komawa asid. Namu gwajin ma sai da na ja musu kunne a kai: 6.3 ya zarce inda saman teku zai kai nesa ba kusa ba. Abin da ya faru a zahiri shi ne, kabon dayoksaid na sararin sama ya tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, teku yana shanye kusan rubu'in abin da mutane ke fitarwa, kuma pH na samansa ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1. Tunda kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki 10 ne, saukar 0.1 na nufin haidirojin ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin 100.

Halitta mai rai kuma tana shan wahala tun omega ba ta kai 1 ba, saboda gina ɓawo yana ƙara cin ƙarfinta yayin da kabonet ke raguwa, ƙanana ne suka fi jin jiki. An ga haka a jihar Oregon ta Amurka a 2007 da 2008, inda 'ya'yan kawa suka riƙa mutuwa a wurin ƙyanƙyasa na Whiskey Creek duk lokacin da ruwan ƙasan teku mai sanyi da yawan kabon dayoksaid ya taso gaɓa. Maganin da suka kama shi ne auna ruwan da suke jawowa, su zuba masa Na₂CO₃, sinadarin da ake samu a kanwa, don ɗaga omega. Mu ma mun gwada: ɗan ruwan kanwa da aka tace, ɗigo kaɗan a hurarren kofi, shuɗin ya dawo. Wannan yana yiwuwa a tankin ƙyanƙyasa, inda ruwan ke da iyaka.

Wanda zai maimaita, ya saita na'urarsa da ruwan saiti na pH 7 da na 10 a ranar aikin, ya auna kwalaben duka a zafi ɗaya, domin a watan Afrilu ruwan da ya kwana a inuwa da wanda rana ta buga ta taga ba za su ba da lamba ɗaya ba. Ƙaramar na'urar aljihu a ruwa mai gishiri tana iya kaucewa da 0.1 ko fiye, don haka bambancin da ke tsakanin kwalaben shi za a rubuta a matsayin sakamako. Takardar litmos kuwa ba ta raba 8.1 da 7.8, a ajiye ta gefe.