Kilo 125 ya tsaya a ƙirji, kuma ya tashi

Jiya da yamma ina ɗaga ƙarfe kwance a benci, kilo 125 ya sauka a ƙirjina ya tsaya cak, na jira sai da Oga, mai horar da ni, ya ce “fires” sannan na tura, ya tafi sama bai yi ko gargada ba. Alhamdu lillahi. Saura mako ɗaya da 'yan kwanaki mu hau dandalin gasa, kuma wallahi tun da na shiga wannan shiri na mako takwas babu abin da ya ci mini rai kamar tsayuwar nan ta benci. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun abin yana da zafi, musamman ku da za ku fara fita gasa a bana.

Ina ajin kilo 83, gasar kuma da dokokin IPF, hukumar duniya mai kula da wannan wasa, za a yi ta. Lokacin da ya rage mako takwas, bencina na taɓa-ka-tashi kilo 130 ne, kuma da wannan lambar nake ta lissafin jimillata, wato haɗin benci da sikwat na tsugunawa da ƙarfe a baya da dedilif na ɗago shi daga ƙasa. Ranar da muka fara yi da umarni, wato “sitat” na farawa, “fires” na turawa, “rak” na mayar da ƙarfe mazauninsa, kilo 117.5 ne iyakata, 120 kuwa ya zauna mini a ƙirji sai da aka ɗauke. Kilo goma sha biyu da rabi sun ɓace saboda tsayuwar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Ranar na koma gida ko abinci ban iya ci da daɗi ba.

Wani ɓangare na asarar dole ne, kowa ya sani. Idan ƙarfe ya sauko ya juya nan take, tsoka da jijiya da suka miƙe suna mayar maka da wani ƙarfi kyauta, kuma tsayuwa tana cinye shi. Amma wannan a wurin yawancin mutane 'yan kilo kaɗan ne. Nawa ya yi yawa, don haka akwai wani abu daban. Muka kafa waya a gefe daidai tsayin benci muka ɗauki hoton bidiyo, muka kalla a hankali. Ƙarfen yana taɓa riga, sai ya ci gaba da nutsewa cikin ƙirji kamar faɗin yatsa biyu, ƙirjin ya faɗa, gwiwar hannu ta zame baya, kafaɗa ta mirgino gaba. Oga ya kalla ya ce, “Ƙanena, ai kai ba riƙe ƙarfen kake ba, ajiye shi kake a kanka kana hutawa.” Duk wanda ya ajiye, to idan umarni ya zo daga sifili zai fara, kuma daga wuri mafi zurfi. Ga hatsarin jar fitila, alamar alƙali ta soke ɗagawa, a kai: alƙali ba zai ce “fires” ba sai ƙarfen ya daina motsi, don haka mai nutsewa shi ke tsawaita wa kansa jira, kuma idan ka ƙara nutsar da shi bayan umarni don ka samu abin turowa, yunƙurin ya lalace ko da ya tashi.

Abu na biyu da bidiyon ya nuna shi ne numfashi. Ina jan iska bayan “sitat”, amma da ƙarfe ya taɓa ƙirji sai ta riƙa zurarewa ta baki, ana jin sautinta a wayar ma. Yanzu ina cika ciki da ƙirji tun kafin a miƙo mini ƙarfe, in ƙara 'yar kaɗan yayin da nake jiran “sitat”, daga nan baki a rufe har hannu ya miƙe.

Na uku kuwa shi ya fi ba ni haushi, domin ba a jikina yake ba. Bencin gidan ƙarfenmu aikin mai walda ne, na sa awo na auna faɗinsa, santimita 24. Na gasa tsakanin 29 ne da 32, tsayinsa daga ƙasa kuma 42 zuwa 45. A kan siririn benci allon kafaɗa ba shi da wurin zama. Kana matse shi baya da ƙasa, da nauyi ya sauko sai gefe-gefe su zube, kuma lokacin tsayuwa ne abin ya fi fitowa. Na yi wa mai gidan magana ya ce ai shekaru ana ɗagawa a kai ba wanda ya yi ƙorafi. Ƙarshenta na sayi katako mai faɗin 30, kafinta ya yanka, mai kujera ya sa masa soso mai tauri da ledar da ba ta santsi, muka ɗaure a kan na da. Naira dubu 18 ya ci, kuɗin ƙwai da wake na kwanaki ke nan, na ji a jikina. Amma daga ranar farko bayana ya samu wurin kamawa.

Ga yadda aikin ya tafi. Daga saura mako takwas zuwa wajen saura shida na daina taɓa-ka-tashi gaba ɗaya, na mayar da duk lissafi kan 117.5, na manta da 130. Ranar benci ta farko a mako, seti biyar na sau uku-uku a kilo 92.5 zuwa 97.5, kowace ɗagawa da tsayuwar ƙidaya uku. Ƙa'idar ita ce ƙarfe ya taɓa riga kamar mai gwada zafin tukunya da yatsa, nauyin yana hannu da baya, ba a kan haƙarƙari ba. Ƙafa kuma tana tura ƙasa tun kafin ƙarfe ya fara saukowa, ba sai an ce “fires” ba, domin da can ina sakin ƙafa in harba ta lokacin umarni, sai mazaunai su ɗaga daga benci, wata jar fitilar ke nan. Rana ta biyu tsayuwa irin ta gasa, sau biyu-biyu, nauyi ya ɗan fi. Abin da ya fi amfani a nan shi ne ba ni ke ƙidaya ba. Idan kai ke ƙidaya wa kanka, da nauyi ya ƙaru ƙidayar za ta yi sauri ba ka sani ba. Oga yakan ba da umarnin wani lokaci da wuri, wani lokaci ya ja har ka ji idonka zai fito, don kada jiki ya haddace lokacin ya riga alƙali. Ku je ku kalli yadda 'yan wasan nakasassu na Najeriya suke benci, irin su Folashade Oluwafemiayo da ta ɗaga kilo 167 a Paris a 2024. Ku lura da yadda ƙarfe ke sauka ya tsaya, ƙirji bai motsa ba. Ni dai daga kallonsu na gane abin da ake nufi da tsayuwa.

Tsakiyar shirin ya cakuɗe mini, ba zan iya cewa ga inda mako na biyar ya ƙare na huɗu ya fara ba. A takarda an rubuta sau biyu-biyu a 105 zuwa 110, da guda ɗaya a 115. A zahiri zafi ya yi yawa, babu wuta da dare, barci ya ragu, sikwat da dedilif kuma duk sun hau nauyi a lokaci guda. Akwai ranar da 110 ya zo mini kamar 120, gwiwar hannu tana zugi, raina ya ɓaci har na fara tunanin duk gyaran banza ne. Oga bai bari na ƙara komai ba, rage mini ya yi. Ya cire seti biyu daga kowace rana, ya soke duk ƙananan ayyukan kafaɗa da damtse, ya bar nauyin inda yake. Zugin gwiwar hannun ma ashe daga sikwat yake, yadda nake matse hannu a ƙarƙashin ƙarfe a baya. Da na ɗan buɗe riƙon sai ya lafa. Alamar da muka bi don bambance gajiya da rashin ƙarfi ita ce ɗumama jiki: idan kilo 60 da 80 ma suna tafiya a hankali, kuma sikwat da dedilif duk sun yi nauyi a mako guda, gajiya ce ta rufe ƙarfin, ba ɓacewa ya yi ba. Da ya rage mako uku 120 ya tashi da tsayuwa mai tsafta, bayansa 122.5, sai na jiya.

Sikwat da dedilif ba su ba ni wahala irin wannan ba. Sikwat na ƙarshe mai nauyi 185 ne, zurfi ya wuce gwiwa sosai a bidiyo. Dedilif na ja 220 tun farkon makon nan na rufe shi, don shi ya fi daɗewa kafin baya ya warware, kantar tafin hannu kuma na goge ta da dutsen goge ƙafa kada ta yage ranar gasa.

Yanzu ga zaɓen lambobin benci, inda muka ɗan yi gardama. Ni na so buɗewa da 117.5. Oga ya ce 112.5, wato kashi 90 cikin ɗari na 125, nauyin da zan iya ɗagawa sau uku ko da ban yi barci ba. Hujjarsa ta fi tawa: a gasa benci yana zuwa ne bayan sikwat uku masu nauyi, alƙalin ba wanda na saba da muryarsa ba ne, kuma idan yunƙurin farko ya faɗi ba a rage nauyi, sai dai ka maimaita ko ka ƙara. Wanda ya faɗi duka ukun ba shi da jimilla, komai kyan sikwat ɗinsa. Mun tsaya a kan 112.5, sai 120, na uku kuwa 125 ko 127.5 gwargwadon yadda 120 ya tafi. Minti ɗaya ne kawai ake bayarwa a miƙa lambar gaba, don haka mun rubuta duka biyun a takarda tun yanzu. Mun kuma duba dokar da aka shigo da ita a 2023, cewa gwiwar hannu ta sauko daidai da kafaɗa ko ƙasa da ita. Tawa tana saukowa, don bayana ba ya lanƙwasa sosai, amma ku masu faɗin riƙo har kan iyakar santimita 81 ku duba naku a bidiyo tun da sauran lokaci.

Abin da ya rage kaɗan ne. Farkon mako mai zuwa zan yi yunƙurin farko na sikwat da na benci da cikakken umarni, sanye da singiletin gasa da bel, sau ɗaya-ɗaya. Tsakiyar mako benci mara nauyi, wajen kilo 80, don hannu kada ya manta hanya, daga nan hutu. Da safe ina 83.8 a sikeli. Tunda awo awa biyu ne kafin a fara, ba zan matse jikina da ƙishirwa ba, zan dai rage gishiri da abinci mai nauyi a kwanakin ƙarshe, in yi awo kafin karin kumallo. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa sauke ƙasa da kilo ɗaya a irin wannan awon na awa biyu, ya faɗa mini abin da ya ci tsakanin sikeli da sikwat na farko, don ina tsakanin kunun gyaɗa da burodi, ko shinkafa fara da ayaba.