Yadda na raba muryar hira da iska da gurnanin lantarki

An kawo mini guntun bidiyon hira da aka ɗauka a waje, makirufo babu soson kare iska, na'urar kuma tana jone da caja. Sauti iri biyu ne suka ɓata shi: gurnanin lantarki da ke tafe ƙasa-ƙasa daga farko har ƙarshe, da iska mai zuwa ta daki makirufo ta wuce. Da Audacity, manhajar gyaran sauti, na yi aikin.

Da gurnanin na fara, domin wurinsa ɗaya ne, ba ya motsi. Na zaɓi inda mai magana ya yi shiru na buɗe Plot Spectrum, wanda ke zana ƙarfin sauti daga mai kauri zuwa siriri bisa ma'aunin Hz, sai ga tsini a 50 Hz, da ƙanana a 100 da 150. Wutar ƙasashe da yawa 50 Hz ce, ta wasu irin su Amurka 60, shi ya sa na fi son in duba da idona kafin in taɓa komai. Na sa Notch Filter, mai cire sautin da ke daidai Hz ɗin da aka ba shi, a kowane tsini, Q kuwa, wato ma'aunin faɗin yankan, na kai shi 10 don yankan ya zama siriri. Wannan ya fi muhimmanci a 100 da 150, saboda kaurin muryar namiji nan yake zaune. Idan yankan ya yi faɗi, da shi zai tafi.

Iska ta fi wahala. Yawancin ƙarfinta yana ƙasa da 200 Hz, amma kowane bugu da kamarsa. Na sa High-Pass Filter, mai rage duk sautin da ke ƙasa da inda aka saita shi, a 100 Hz da gangarar 24 dB, duka dum-dum ɗin nan ya ragu sosai. Da na gwada 180 Hz, iskar ta kusa ɓacewa, muryar kuma ta koma kamar ta wayar tarho. Sai na bar 100 ga dukan hirar, na zaɓi daƙiƙun da iska ta yi tsanani kawai na tace su a 150.

Noise Reduction na bar shi ƙarshe, don ragowar shuuu. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki samfuri ta Get Noise Profile ya nemi irinsa ya rage, don haka sautin da ba ya canzawa kaɗai yake kamawa da kyau. Samfurin daga shirun da babu iska na ɗauko. A 12 dB ƙarshen kalmomi ya fara ƙyal-ƙyal kamar ana magana cikin ruwa, a 6 dB muryar ta tsaya daram. Kafin in amince, nakan danna Residue in saurari abin da ake cirewa. Muddin na ji kalma a ciki, an shiga muryar, sai in sassauta.

Akwai wuri ɗaya da iska ta cika makirufo har kan igiyar sautin ya daddatse ya yi lebur. Maganar da ke nan ba ta shiga na'urar daidai ba tun farko, tacewa ba za ta dawo da ita ba. Na yanke jimlar, na rufe gurbin da wani hoto.