Saƙo mai harshen damo: yadda muke yi da shi a ofishin fassara

Yawancin aikin da ke shigowa ƙaramin ofishin fassara irin namu a Kano gajerun saƙonni ne. Ɗan kasuwa zai turo layi biyu ko uku ta WhatsApp, ya ce a mayar masa da su Turanci a aika wa abokin cinikinsa na waje. Ga mai kallo daga nesa wannan shi ne aiki mafi sauƙi, amma a wurinmu gajeren saƙo ya fi doguwar takarda hatsari. Doguwar takarda tana fassara kanta, abin da ya shige duhu a shafi na biyu sai ka tarar an warware shi a shafi na biyar. Layi biyu kuwa ba su da inda za ka waiwaya.

Ƙa'idarmu ita ce, idan jimla tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma bambancin zai taɓa kuɗi ko lokaci ko alhakin wani, mai fassara ba ya zaɓa. Yana fitar da ma'anonin a fili, ya sa musu lamba, ya mayar wa mai saƙon ya nuna wadda yake nufi. Faɗin hakan ba wuya. Inda aikin yake shi ne yadda za a tsara tambayar har amsar da za ta dawo ta yi amfani.

A ɗauka wani dillalin riɗi a kasuwar Dawanau yana ciniki da wani mai saye a Turkiyya, ya turo wannan don a fassara wa wakilin mai sayen:

```
Ya biya rabin kudin kafin daren Juma'a, sauran in kaya sun sauka.
```

Bahaushe zai karanta wannan ya ce ai a bayyane yake. Dalili kuwa shi ne da zarar ido ya sauka a kan jimlar, kunne ya riga ya sa mata murya guda, sauran muryoyin sun ɓace masa. Amma akwai wurare uku da jimlar ta rabu.

Na farko shi ne “ya biya”. A baki kalmomi biyu ne daban. Idan aka ja “ya” da murya sama, labari ne: mutumin ya riga ya biya. Idan aka gajarta ta da murya ƙasa, umarni ne: a gaya masa ya biya. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, don haka duka biyun harafi biyu ne iri ɗaya a allon waya. Turanci kuwa ba zai bar ka ka tsaya a tsakiya ba, dole ka rubuta ɗaya. Idan ka rubuta cewa ya riga ya biya alhali bai biya ba, ka sa dillalin ya ba da shaidar karɓar kuɗin da ba su shigo ba, a rubuce, da sunansa. Idan ka juya ta ɗaya ɓangaren, ka sa an bi mutum bashin da ya riga ya sauke.

Na biyu shi ne “daren Juma'a”. A lissafin da muka gada, dare ne ke gaba da yini, shi ya sa idan dattijo ya ce daren Juma'a yana nufin daren da ke shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis, wanda in gari ya waye Juma'a ce. Matasa da yawa kuma, musamman waɗanda suka saba da kalandar ofis, suna nufin Juma'a da dare. Tsakanin biyun akwai awa 24 cur, kuma a harkar tura kuɗi ta banki wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda Asabar da Lahadi na biye.

Na uku shi ne “sun sauka”. A ina? Motar da ta taso daga Dawanau tana sauke kaya a Legas, a tashar jiragen ruwa. Jirgin kuma yana sauke su a can ƙasar mai saye bayan makonni. Dillali zai so a ce Legas, don kuɗinsa su shigo da wuri. Mai saye zai so a ce tashar ƙasarsu. Mai fassarar da ya zaɓi ɗaya ya shiga cikin cinikin ba tare da an gayyace shi ba.

Akwai wuri na huɗu da sabon ma'aikaci zai so ya tambaya, wato “rabin kuɗin”: rabin jimla ne ko rabin abin da ya rage? Wannan ba ma kai shi gaban mai saƙo idan takardar cinikin tana hannunmu kuma ta nuna ba a taɓa biyan komai ba. Kafin a tambaya sai an tace. Abin da saƙonnin baya ko rasit ko takardar yarjejeniya suka warware, an warware shi. Abin da rashin sanin mai fassara ne, kamar kalmar 'yan kasuwa da bai taɓa ji ba, wannan abokin aiki ake tambaya. Haka kuma idan ma'anoni biyun za su fito da jimla ɗaya a harshen da ake fassarawa zuwa gare shi, babu dalilin damun kowa. Mutumin da ke tsakiyar kasuwa zai amsa tambaya uku. Idan ka jera masa goma sha biyu, zai amsa ta farko ya ajiye wayar.

Ga yadda tambayar ke tafiya, cikin saƙo guda, da Hausa:

```
1. "Ya biya"
   A. Ya riga ya biya, kuɗi sun shigo.
   B. Bai biya ba, ana so ya biya.
2. "Daren Juma'a"
   A. Alhamis da dare, 12 ga wata.
   B. Juma'a da dare, 13 ga wata.
3. "Sun sauka"
   A. A tashar Legas.
   B. A tashar ƙasar mai saye.
Amsa kamar haka: 1B 2A 3A.
In babu wanda ya dace, a rubuta C.
```

Kowane abu a cikin wannan tsari akwai ɓarnar da ya zo ya toshe. Ba ma rubuta “Alhaji, me kake nufi da wannan?” domin amsar da ke dawowa kusan kullum ita ce maimaita jimlar nan dai yadda take, tunda shi a kunnensa ba ta da wata fuska. Ba ma haɗa zaɓi biyu cikin tambaya ɗaya da “ko”, irin su “ya riga ya biya ne ko ana so ya biya?”, domin mai gaggawa zai rubuto “eh” ko “haka ne”, ka koma inda ka fito. Kowace ma'ana ana rubuta ta cikakkiyar jimla wadda ba ta sake amfani da kalmar da ta jawo rikicin. Ana sa kwanan wata da lamba, domin sunan rana kaɗai shi ne ya kawo mu nan. C ɗin nan ta ƙarshe kuwa tana da amfani fiye da yadda ake zato. Wani lokaci kaya ba a Legas za su sauka ba, ba kuma a ƙasar mai saye ba, a rumbun wani wakili ne da ba a taɓa ambata mana ba.

Masu sana'ar sun rabu a kan ko mai fassara zai nuna wadda ya fi zato. Mu ba ma nunawa. Da zarar ka rubuta “muna ganin B ce”, mai saƙon ya daina karantawa, ya ce to. Sai ya zama hasashenka ne ya dawo maka da hatimin amincewarsa. Abin da muke ƙarawa, idan abin ya yi nauyi, shi ne layi guda da ke faɗin sakamako: idan aka zaɓi A, saƙon zai zama shaidar an karɓi kuɗi. Wannan layin yana sa mutum ya tsaya ya duba.

Saƙon murya yana taimakawa, amma rabin hanya. Idan dillalin ya faɗi jimlar da bakinsa, tambaya ta farko ta mutu nan take, domin kunne zai ji ko an ja “ya” ko an gajarta. Daren Juma'a da wurin saukar kaya kuwa suna nan daram, ko sau goma ya maimaita. Sannan a lura da wanda ke riƙe da wayar. Sau da yawa yaron shago ne ya rubuta abin da maigida ya faɗa, kuma shi ne zai ga tambayar. Idan ya amsa da kansa, hasashe ne kawai ya sauya hannu. Shi ya sa a kan maganar kuɗi muke cewa a karanta wa Alhaji, ya amsa da muryarsa, mu kuma mu rubuta abin da muka ji mu tura masa ya gani.

Idan saƙon daga Turanci ya taso, gurbin matsalar kan sauya amma hanyar ɗaya ce. Kalmar `you` ba ta gaya maka ko “ka” ne ko “ki” ko “ku”, Hausa kuma ba ta yin jimla sai ta zaɓa. Kalmar `biweekly` tana ɗaukar sau biyu a mako, tana ɗaukar sau ɗaya a mako biyu. Kwanan wata irin `03/04` a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Saƙon da ya fito daga Maraɗi ko Damagaram kuma, idan aka ce “ɗari”, sai an tambaya, domin a kasuwannin can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, ɗari a baki sefa 500 ke nan a takarda.

Matsala ta gaske tana zuwa ne idan mai saƙon ya ɓace, wayarsa a kashe, wanda ya kawo aikin kuma yana matsa lamba. A nan muna fassara duk abin da ba shi da shakka, wuraren da suka rabu kuma mu bar ma'anonin biyu a jere, a tsakanin alamar da ido ba zai tsallake ba, kamar `##1A##` da `##1B##`, a saman takardar kuma a rubuta cewa ba a aika wannan sai an cire alamomin. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne alamar ta tsira har cikin saƙon ƙarshe, mai saye ya ga dillali yana tunanin sharaɗi biyu, ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi. Don haka kafin kowace takarda ta fita, ana neman `##` a cikinta da `Ctrl+F`, sai an ga babu ko ɗaya.

Akwai kuma duhun da mai saƙo ya yi da gangan. Ɗan kasuwa ya ce zai turo kaya “nan ba da jimawa ba”, ka tambaye shi kwana nawa, ya ce a bar shi haka. Wannan haƙƙinsa ne, amsa ce cikakkiya. Sai a nemi lafazin Turancin da shi ma bai ɗaure rana ba, a rubuta a fayil ɗin aikin cewa an tambaya, ga abin da ya ce. A fayil ɗin ne muke ajiye saƙon asali, da tambayar, da amsar, da ranar da ta zo. Idan an sake samun aiki daga wannan dillalin, mai fassara yana fara duba ko an taɓa tambayarsa daren Juma'a, domin wanda ya amsa Alhamis sau ɗaya ba ya son a sake tambayarsa kowane mako. Abin da ake yi shi ne a rubuta kwanan watan da lamba a cikin fassarar, a tura masa kwafi kafin ta wuce wurin wakilin.